Tsarin darasin fotosintasis ga ajin sakandare: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da sababbin malaman bayoloji da ɗalibai masu koyon aikin koyarwa suka saba yi mini idan lokacin koyar da fotosintasis ya zo, wato yadda shuka take haɗa abincinta da taimakon haske. Na gina amsoshin a kan darasi guda ɗaya na minti 80, wato darasi mai zango biyu a jere, a ajin da ke da ɗalibai 40. Ginshiƙin darasin shi ne gwajin sitaci a cikin ganye da ruwan aidin.

Me ya sa aka zaɓi gwajin sitaci, alhali maudu'in yana da faɗi?

Saboda akwai wata fahimta da kusan kowane yaro yake shigowa aji da ita, kuma rubutu a allo ba ya cire ta. Ka tambayi ajinka daga ina itace yake samun abincinsa, za ka ji sun amsa baki ɗaya cewa daga ƙasa ne. Ba wauta ba ce, abin da ido yake gani ke nan: saiwa tana cikin ƙasa, ana zuba taki, shuka tana girma. Za ka iya rubuta musu ma'anar fotosintasis su haddace ta tsaf, su rubuta ta a jarrabawa, amma a can cikin zuciyarsu ƙasa ce dai take ciyar da itace.

Gwajin sitaci yana ba yaro abin da zai riƙe da hannunsa. Ga ganye guda, an rufe tsakiyarsa da baƙar takarda, ya yini a rana. Saiwarsa ɗaya, ƙasarsa ɗaya, ruwan da ya sha ɗaya. Amma da aka ɗiga aidin, inda rana ta taɓa ya koma shuɗi mai duhu har ya kusa baƙi, alamar akwai sitaci, inda aka rufe kuma ya tsaya da launin aidin ɗin. Idan daga ƙasa abincin yake zuwa, me ya hana shi isa tsakiyar ganyen? Wannan tambayar ita ce darasin gaba ɗaya. Sauran sassan maudu'in, irin su fitar iskar oksijin da saurin aikin, suna da nasu ranakun.

Yaya zan rubuta manufofin darasin?

Ka rubuta abin da za ka iya gani ko ka ji ɗalibi yana yi, ba abin da kake fatan ya shiga kansa ba. Kalmomi irin su “ya fahimta” ko “ya san muhimmancin” ba su da ma'auni, domin ba ka da hanyar tabbatar da su kafin a kaɗa ƙararrawa. Ga yadda nake rubuta nawa.

Zuwa ƙarshen darasin, ɗalibi zai iya:

1. Faɗin abubuwa biyu da shuka take amfani da su wajen haɗa abincinta, da abubuwa biyu da suke fitowa, sannan ya rubuta lissafin a kalmomi da kuma a alamomi.
2. Gudanar da gwajin sitaci a ganye bisa tsari, tare da faɗin dalilin kowane mataki.
3. Amfani da sakamakon ƙungiyarsa wajen nuna cewa sai da haske, ko sai da kulorofil, wato sinadarin da ke sa ganye kore, ake samun sitaci a ganye.
4. Bayyana dalilin ajiye shukar a duhu kafin gwajin.

Huɗu sun isa. Na sha ganin tsarin darasi mai manufa tara ko goma, wanda ko mai rubuta shi bai yarda zai cim musu ba. Manufa ta huɗu ita ce na fi ji da ita, domin yaron da ya iya bayyana ta ya kama yadda ake kafa hujja a kimiyya, ba launin ganye kawai ya gani ba.

Lissafin da ake nufi a manufa ta farko shi ne: kabon dayoksaid da ruwa, a gaban haske da kulorofil, suna ba da gulukos da oksijin. A alamomi kuwa:

6CO₂ + 6H₂O → C₆H₁₂O₆ + 6O₂

Wane ilimi ya kamata ɗalibai su zo da shi?

Su san cewa akwai kulorofilas a cikin ƙwayar halittar shuka, kuma a cikinsa ne kulorofil yake. Su san ganye yana da ƙananan ƙofofi da ake kira sitomata, inda iska take shiga da fita. Idan sun taɓa ɗiga aidin a kan sitaci a darasin gwajin abinci, to madalla. Idan ba su taɓa ba, ka ware minti biyu ka nuna musu a kan ɗan garin sitaci a faranti, don su san launin da suke nema.

Wane kaya ake bukata?

Na raba ajin gida takwas, mutum biyar-biyar. Kowace ƙungiya tana bukatar bika mai cin mililita 250, da kwalbar gwaji babba, da hantsaki, da farin faranti, da ƙaramar kwalbar aidin mai abin ɗigawa, da tabarau na kare ido. Itanol kuwa, gwargwadon abin da zai rufe ganyen ne, kamar mililita 15 ga kowace ƙungiya, wato mililita 120 ga ajin duka. Sifirit na ɗakin gwaji ma yana yin aikin. Sai tukunyar dafa ruwa ta lantarki ko wani wuri guda da malami kaɗai zai tafasa ruwa.

Shukoki biyu ake so a cikin tukunyar shuka, don a iya ɗaukar su a kai duhu: ɗaya mai ganye kore zalla, ɗaya mai ganye roɗi-roɗi, kore da fari. Ka zaɓi ganye mai laushi, marar kauri, marar santsin kakin zuma a samansa. Jeraniyom ita ce aka fi ambata a littattafai, amma ganyen wake da aka shuka a gwangwani yana yi sarai. Kada ka ɗauko ganyen albasa. Ita ba ta ajiye abincinta a ganye a matsayin sitaci, za ka ɗiga aidin har ka gaji ba ka ga komai ba.

An ce darasin yana farawa kwana uku kafin a shiga aji. Me ake nufi?

A nan ne mafi yawan darussan suke lalacewa tun ba a fara ba, don haka bari in yi bayani dalla-dalla.

Ganyen da ka tsinka yanzu a waje yana ɗauke da sitacin da ya tara. Idan ka rufe tsakiyarsa yau ka gwada gobe, kana iya samun sitaci ko'ina, har da inda ka rufe, domin tsohon bai ƙare ba. Shi ya sa ake sanya shukar a wuri mai duhu sosai na tsawon awa 48. A cikin duhun ba ta ƙera sabon abinci, amma tana nan da rai, tana numfashi, sai ta riƙa mayar da sitacin ganyenta sukari tana amfani da shi, tana kuma tura shi zuwa sauran sassanta. Bayan kwana biyu ganyen ya zama fanko. Duk sitacin da aka gani daga baya, sabo ne, an yi shi ne a lokacin gwajinmu.

A ce darasinka ranar Alhamis ne da safe. Ranar Litinin da safe ka ba shukokin ruwa ka sa su cikin kabad da ke rufuwa ruf. Ranar Laraba da safe ka fito da su, ka tsinki ganye ɗaya ka yi masa gwajin sitaci kai kaɗai. Idan bai canza launi ba, shukar ta shirya. Sai ka yanki baƙar takarda mai faɗin kamar santimita biyu, ka naɗe tsakiyar ganyaye huɗu ta sama da ta ƙasa, ka maƙale da kilif. Ganyayen suna nan a jikin shukar, ba a tsinke su ba. Ka ajiye shukokin biyu a rana awa huɗu zuwa shida.

Ga inda na taɓa yin kuskure a shekarata ta farko. Na yi komai daidai, amma na bar ganyayen a jikin shukar suka kwana, da nufin in tsinka da safe a gaban yara. Da dare shukar ta cinye yawancin abin da ta tara da rana. Muka ɗiga aidin, sai wani ɗan dishi-dishi da ba ya gamsar da kowa, yara arba'in suna kallona ina ta jujjuya ganye. Tun daga ranar, idan darasin na safe ne, da yammacin Laraba nake tsinke ganyayen, in tsoma su a tafasasshen ruwa don aikin cikinsu ya tsaya, in ajiye su a wuri mai sanyi, kowanne da alamar inda takarda ta rufe. Idan kuma darasin na bayan tsakar rana ne, sai a jinkirta komai da kwana ɗaya, a fitar da shukar da sassafe ranar darasin, yara su tsinka da hannunsu. Wannan ya fi daɗi idan jadawali ya ba da dama.

Yaya zan buɗe darasin?

Minti goma na farko nakan ba su labarin masanin kimiyya Jan Baptist van Helmont, wanda aka wallafa gwajinsa a 1648. Ya auna busasshiyar ƙasa kimanin kilo 91 ya zuba a tukunya, ya dasa ɗan itacen wilo mai nauyin kilo biyu da ɗoriya. Shekara biyar ba ya ba shi komai sai ruwa. Da ya sake aunawa, itacen ya kai kusan kilo 77, ƙasar kuwa ba ta ragu da abin da ya wuce giram 57 ba.

Nakan rubuta waɗannan alƙaluma a allo in yi shiru. Sannan in tambaya: kilo 70 da wani abu na itace, daga ina? Nan take wani zai ce daga ruwa ne. Sai in ce masa ya yi daidai da van Helmont, domin shi ma abin da ya yanke ke nan, kuma rabin gaskiya ya samu. Abin da bai auna ba shi ne iska. Ba na ƙarasa amsar a nan. Nakan ce su riƙe tambayar, za mu dawo mata bayan mun ga abin da ganye zai faɗa mana.

Sauran lokacin fa, yaya aka kasa shi?

Bayan minti goma na buɗewa, sai minti goma na hasashe. Ƙungiyoyi huɗu suna karɓar ganyen da aka rufe, huɗu suna karɓar mai roɗi-roɗi. Kowane ɗalibi zai zana ganyen ƙungiyarsa a littafinsa, ya nuna inda takarda ta rufe ko inda fari yake, sannan ya yi wa inda yake zaton za a samu sitaci inuwa da fensir, ya rubuta dalilinsa a jimla ɗaya. Kada ka tsallake zanen nan. Da zarar itanol ya wanke koren, ganyen duka zai yi fari fat, ba wanda zai tuna ina ne kore ina ne fari a da.

Minti 35 na gwajin ne. Minti 15 na tattauna sakamako da rubuta lissafin. Minti goma na ƙarshe na auna fahimta. Idan lokaci ya ƙure, a rage daga buɗewa, kada a taɓa tattaunawar. Gwajin da aka yi aka tashi ba a tattauna ba, wasan launi ne kawai.

Mene ne matakan gwajin, kuma mene ne dalilin kowanne?

Matakai huɗu ne, kuma nakan hana ƙungiya wucewa zuwa na gaba sai wani a cikinsu ya faɗa mini dalilin wanda suka gama.

Na farko, a tsoma ganyen cikin tafasasshen ruwa kamar minti ɗaya. Zafin yana kashe ƙwayoyin halittar, ya tsayar da duk wani aiki da ke gudana a ciki, ya kuma fasa fatar da ke kewaye da su yadda itanol da aidin za su iya shiga. Idan ka riga ka yi wannan jiya da yamma, su maimaita na daƙiƙa kaɗan don su ga matakin da idonsu.

Na biyu, a naɗe ganyen a tura shi cikin kwalbar gwaji, a zuba itanol ya rufe shi, a tsayar da kwalbar cikin bika mai ruwan zafi da aka sauke yanzu. Itanol yana tafasa ne a digiri 78 na ma'aunin Salshiyos, ruwa kuwa sai 100, saboda haka ruwan da aka sauke daga tafasa ya isa ya sa itanol ɗin ya tafasa ba tare da wuta ba. Cikin minti biyar zuwa goma itanol zai koma kore shar, ganyen kuma ya koɗe. Kulorofil ne ya narke ya fito. Ba ya narkewa a ruwa, shi ya sa ruwan mataki na farko bai cire shi ba. Ana cire shi ne don kada korensa ya ɓoye launin da aidin zai bayar.

Yara suna son wannan matakin ƙwarai. Akwai yarinyar da ta ɗaga kwalbar zuwa taga tana kallon koren ruwan, ta ce, “Malam, ashe koren ganye abu ne da ake iya cirewa?” Na bar ajin duka suka zo suka gani, domin har zuwa ranar kalmar kulorofil suna ce kawai a wurinsu.

Na uku, a zaro ganyen da hantsaki a sake tsoma shi a ruwan ɗumi na ɗan lokaci. Itanol ya janye masa ruwa, ya yi tauri yana karyewa, ruwan ne zai mayar masa da laushi.

Na huɗu, a shimfiɗa shi a farin faranti, a ɗiga aidin har ya jiƙe ko'ina, a jira minti biyu zuwa uku. Inda akwai sitaci zai koma shuɗi mai duhu kusa da baƙi. Inda babu zai tsaya ruwan ƙasa mai ɗan rawaya, wato launin aidin ɗin kansa.

Wane haɗari ne a ciki?

Itanol yana kama wuta nan da nan, har tururinsa ma. Dokar ɗaya ce kuma ba ta da sassauci: kafin a buɗe kwalbar itanol, duk wata wuta da ke ɗakin a kashe ta. Kada a taɓa ɗora kwalbar itanol a kan harshen wuta kai tsaye. Malami ne yake zagawa yana zuba ruwan zafi a bika, ba yara ba. Bakin kwalbar gwaji ya kalli inda ba mutum, domin itanol kan yi tsalle idan ya tafasa. Aidin yana ɓata tufa da fata kuma yana yi wa ido zafi, don haka tabarau ya zauna a fuska har a gama.

Yaya zan tafiyar da tattaunawar bayan gwajin?

Ka sa ƙungiyoyin su jera farantansu a tebur ɗaya, kowa ya zagaya ya gani. Sannan ka yi tambayoyi uku a jere. Me ya bambanta ɓangaren da ya yi baƙi da wanda bai yi ba? Me suka yi tarayya a kai? Me za mu iya cewa, kuma me ba za mu iya cewa ba?

A ganyen da aka rufe, bambancin haske ne kaɗai. A mai roɗi-roɗi, bambancin kulorofil ne kaɗai. Ɓangaren da ya samu komai shi ne ma'aunin da ake gwada ɗayan da shi, kuma kyan gwajin shi ne duka biyun suna jikin ganye guda.

Wani yaro mai kaifin hankali yakan ce wataƙila takardar ta hana iska shiga ne, ba haske kaɗai ba. Kada ka ture shi, magana ce mai ƙarfi. Ka tambayi ajin yadda za a warware ta. Amsar ita ce a rufe wani ganyen da leda mai haske garau, faɗinta ɗaya da takardar. Idan aka samu sitaci a ƙarƙashinta, to ba rufewar ce ta hana ba, duhun ne. Ni yanzu nakan shirya irin wannan ganyen tun ranar Laraba in ɓoye shi, ina jiran mai tambaya.

Daga nan sai a koma wa itacen van Helmont. A rubuta lissafin a allo, a sa masa nauyi: giram 264 na kabon dayoksaid da giram 108 na ruwa suna ba da giram 180 na gulukos da giram 192 na oksijin. Su haɗa kowane gefe su ga 372 ne. A nan suke ganin cewa iska tana da nauyi, kuma duk kabon da ke cikin gulukos daga iska ya zo, duk da cewa kabon dayoksaid bai wuce kimanin kashi 0.04 cikin ɗari na iskar ba. Abin da ƙasa take bayarwa shi ne ruwa da ma'adinai kaɗan, irin su naitirojin da maganiziyom. Ana bukatar su, amma ba su ne abincin ba.

Lissafin ya ce gulukos, mu kuma sitaci muka gwada. Ba a samu saɓani ba?

Babu, amma dole ka faɗa da bakinka, in ba haka ba yara za su ɗauka abu ɗaya ne. Ganye yana ƙera sukari, sai ya harhaɗa rarar da bai yi amfani da ita nan take ba ya zama sitaci. Sitaci ba ya narkewa a ruwa, saboda haka ana iya tara shi da yawa ba tare da ya jawo ruwa cikin ƙwayar halittar ba. Samun sitaci shaida ce cewa an ƙera sukari. Masanin tsirrai Julius von Sachs ne ya nuna a shekarun 1860 cewa sitaci yana taruwa a ganyen da ya samu haske.

Mene ne gwajin nan ba ya nunawa?

Ba ya nuna fitar oksijin. Ba ya nuna yawan abincin da aka ƙera, iyakarsa akwai ko babu. Ba ya kuma nuna bukatar kabon dayoksaid, wannan sai an kulle ganye a kwalba tare da sodiyom haidiroksaid da zai shanye iskar, kuma aikin mako mai zuwa ne. Bukatar ruwa kuwa ba a iya gwada ta da wannan hanya, domin shukar da aka hana ruwa mutuwa take yi saboda dalilai da yawa. Ɗalibin da ya rubuta cewa gwajin ganyen da aka rufe “ya tabbatar da fotosintasis yana bukatar haske da ruwa da iska” ya faɗi gaskiya a kan fotosintasis, amma ya yi wa gwajin ƙarya. Nakan ba shi makin haske kaɗai.

Idan sakamakon bai fito ba fa?

Ka dubi yadda ya ƙi fitowa, shi zai gaya maka dalili. Idan ganyen duka ya yi baƙi har inda aka rufe, ko dai duhun kabad ɗin bai cika ba, ko awa 48 ɗin ba su cika ba, ko takardar ta yi sako-sako haske ya kutsa ta gefe. Idan ko'ina bai canza ba, ko rana ba ta ishe shi ba, ko ya kwana a jikin shukar, ko aidin ɗin ya tsufa. Gwada aidin a kan garin sitaci zai raba maka gardama cikin daƙiƙa biyar. Idan ganyen yana nan kore-kore bayan itanol, ruwan bikar ya huce ne, a sauya shi, ko kuma ganyen ya cika kauri. Idan ya ruguje a faranti, an manta mataki na uku.

Kada ka ce wa yara “da ya yi daidai da kaza za ku gani” ka wuce. Su rubuta abin da suka gani, su nemi dalili tare da kai. Ƙungiyar da nata ya ɓaci ta kwatanta da maƙwabciyarta.

Yaya takardar auna fahimta take?

Tambaya biyar ce, maki goma, minti goma, kowa shi kaɗai.

1. Rubuta lissafin fotosintasis a kalmomi. Maki 2: ɗaya na kabon dayoksaid da ruwa, ɗaya na gulukos da oksijin. Wanda ya sa haske cikin kayan da ake haɗawa, ka gyara masa, haske makamashi ne, a saman kibiya ake rubuta shi.
2. Me ya sa ake dafa ganyen a itanol, kuma me ya sa ba a kan wuta ba? Maki 2: don cire kulorofil, kuma don itanol yana kama wuta.
3. Me ya sa aka ajiye shukar a duhu na awa 48? Maki 2: ɗaya na cewa don tsohon sitaci ya ƙare, ɗaya na cewa ta haka ne za a san wanda aka gani sabo ne.
4. An rufe ganye da baƙar takarda da aka huda siffar tauraro a tsakiyarta, ya yini a rana. Zana abin da za a gani bayan aidin, ka ba da dalili. Maki 2: tauraro mai duhu a tsakiyar wurin da bai canza ba, domin ta hudar ce kaɗai haske ya shiga.
5. Wani ya ce itace daga ƙasa yake shan abincinsa. Ba shi amsa da hujja ɗaya daga darasin yau. Maki 2: ɗaya na kawo hujjar, ko ganyen da aka rufe ko ƙasar van Helmont, ɗaya na bayyana yadda ta rushe maganar.

Tambaya ta farko tana auna manufa ta farko, ta biyu manufa ta biyu, ta uku manufa ta huɗu, ta huɗu da ta biyar kuma manufa ta uku. Iya aikin hannu ba a auna shi a takarda. Yayin gwajin nakan riƙe jerin ƙungiyoyi in yi alama a abu uku: sun bi matakai a jere, sun kiyaye dokar wuta, sun rubuta abin da suka gani.

Lokacin dubawa, ka fara da ta uku da ta biyar. Idan fiye da kashi ɗaya cikin uku na ajin sun kasa amsa waɗannan, ko da sun ci sauran, ka sake ɗaukar minti goma a darasi na gaba kafin ka shiga gwajin kabon dayoksaid. Amsar da na fi cin karo da ita a ta uku ita ce “don shukar ta huta”. Mai wannan amsar ya ga an sa shuka a kabad, amma bai san me ake nema ba.

Aikin gida fa?

Su tsara, a rubuce da zane, gwajin da zai nuna ko ganye yana bukatar kabon dayoksaid kafin ya yi sitaci. Ka ba su bayani guda kawai: sodiyom haidiroksaid yana shanye wannan iskar. Abin da kake dubawa shi ne ko sun tuna da duhun awa 48, da ko sun tanadi kwalba ta biyu mai ruwa zalla don kwatantawa.

Zangon darasina minti 40 ne kawai. Yaya zan yi?

Ka raba shi biyu. Rana ta farko labarin van Helmont, da zane da hasashe, sannan yara su naɗa takardar a ganye da hannunsu, wanda ma ya fi. Rana ta biyu gwaji da tattaunawa. Don samun lokaci, ka tsoma ganyayen a ruwan zafi ka jiƙa su a itanol tun daren jiya cikin kwalba mai murfi, za su koɗe ko ba zafi. Ka bar ganye ɗaya kore ka nuna matakin itanol a gaban aji. Takardar auna fahimta sai ta koma minti goma na farkon darasi na uku.